Yadda ake tsara tambayar haɗawa don kada amsar ƙarshe ta fallasa kanta: misali daga Nguru da Gashuwa

Duk lokacin da zangon karatu ya doshi ƙarshe, malaman firamare da na ƙaramar sakandare a Nguru da Gashuwa, kamar takwarorinsu na sauran sassan ƙasar nan, kan zauna tsara tambayoyin jarrabawa. Malamin da ke da ɗalibai sittin ko fiye a aji guda ba zai rasa sanya tambayar haɗawa ba, wato irin tambayar nan da ake jera abubuwa a hagu, a jera wasu a dama, a ce wa ɗalibi ya haɗa kowanne da abokinsa. Dalilin a fili yake. Ba ta cin wuri a kan allo ko a takarda, tana gwada abubuwa da yawa a lokaci guda, kuma duba ta ba ya ɗaukar lokaci.

Sai dai akwai wani lahani da ke tattare da yadda aka saba rubuta ta. Idan abubuwan hagu biyar ne, na dama ma biyar, kuma kowace amsa sau ɗaya ake amfani da ita, to ɗalibin da ya san huɗu ya riga ya ci biyar. Ba ya bukatar ya san komai a kan na ƙarshe, domin ita kaɗai ce amsar da ta rage a gabansa. Masana auna ilimi sun daɗe da gano wannan. Littafin Norman Gronlund a kan aunawa da tantancewa a fagen koyarwa, wanda ya fara fitowa a 1965, yana cikin littattafan da suka ba da shawarar cewa kada jerin biyu su zo daidai da juna a yawa. Ana koyar da fannin aunawa da tantancewa ga masu neman takardar NCE a kwalejojin horar da malamai, irin su Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman da ke Gashuwa. Amma sanin ƙa'idar a baki daban, iya aiki da ita a kan allo daban.

Abin da lissafi ya nuna

A ɗauka wani malamin Nazarin Zamantakewa yana son ya gwada ko ɗalibansa sun san hedikwatocin ƙananan hukumomin Jihar Yobe, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Borno ranar 27 ga Agusta, 1991, take kuma da ƙananan hukumomi 17. Sai ya jera Bade, Bursari, Fune, Karasuwa da Yunusari a hagu. A dama kuma ya jera Damagum, Dapchi, Gashuwa, Jajimaji da Kanamma.

Yaron da ya tashi a Gashuwa ya san Gashuwa ce hedikwatar Bade. Ya san Jajimaji ta Karasuwa ce, domin a kan hanyar Nguru take. Mai yiwuwa ya san Dapchi ta Bursari ce. Abin da ya rage masa Fune da Yunusari, da Damagum da Kanamma. Ko da bai taɓa jin sunayen nan ba, hanyoyi biyu kacal ke gabansa: ko ya dace ya ci dukansu, ko ya kuskure ya rasa dukansu. Rabin yaran da ke irin matsayinsa za su fita da biyar bisa biyar alhali uku suka sani. Wanda kuwa ya ƙara sanin Damagum, Kanamma ta zo masa kyauta.

Idan aka bi lissafin zuwa ƙarshe, sai a ga wani abin mamaki. A tambayar da jerinta biyu suka zo daidai, duk ɗalibin da bai san dukan amsoshin ba yana samun ƙarin maki ɗaya a matsakaici daga canke kawai, komai yawan abin da ya sani. Wanda bai san ko ɗaya ba, matsakaicin makinsa ɗaya ne. Wanda ya san biyu, uku. Wanda ya san uku, huɗu. Wanda ya san huɗu, biyar, kuma shi nasa ba ma sa'a ba ce, tabbas ne. Tsawon jerin ba ya sauya wannan: ko abubuwa goma aka jera gefe da gefe, makin banza ɗaya ne a matsakaici. Tushen wannan lissafi tsoho ne, domin wani masanin lissafi Bafaranshe mai suna Pierre Rémond de Montmort ya tattauna irin matsalar tun 1708, a littafinsa a kan wasannin sa'a, inda ya yi nazarin yadda katin wasa ke dacewa da lambar da aka kira.

Lahanin yana da wata fuska da malamai ba su cika lura da ita ba, kuma ita ce ta fi cutar da ɗalibi mai ƙoƙari. A jerin da ya zo daidai, kuskure ba ya zuwa shi kaɗai. Yarinyar da ta ɗauki Kanamma ta ba Karasuwa ta riga ta hana Yunusari amsarta, don haka dole ta cusa mata Jajimaji. Ruɗewa ɗaya ta ci mata maki biyu. Wannan ne ya sa malamin da ya duba takardun ajinsa ba zai taɓa ganin huɗu bisa biyar ba a wurin wanda ya cike duk layukan ba tare da maimaita amsa ba. Makin yakan tsallaka daga uku zuwa biyar. Malamin da ya ga wannan giɓi a sakamakon ajinsa, ya san tsarin tambayar ne ya haifar da shi.

Yanzu a ƙara garuruwa biyu a jerin dama, su zama bakwai. Ɗalibin da ya san huɗu zai tarar da amsoshi uku suna jiransa a layin ƙarshe, damar dacewarsa ta koma ɗaya cikin uku. Idan ɗalibai 60 ne a wannan matsayi, a tsohon tsari dukansu za su ci biyar, a sabon tsari kuwa kimanin 20 ne za su dace. Wanda ya san uku yana fuskantar amsoshi huɗu a kan layi biyu, kuma damar ya ci duka biyun ta faɗo daga ɗaya cikin biyu zuwa ɗaya cikin 12. Hanyoyin da za a iya cike tambayar gaba ɗaya sun tashi daga 120 zuwa 2,520.

Yana da kyau a faɗi iyakar wannan gyara. Ƙarin amsoshi ba ya kashe canke, rage shi yake yi. Ɗalibin da bai san komai ba, matsakaicin makinsa ya sauka ne kawai daga ɗaya zuwa kimanin bakwai bisa goma na maki. Inda gyaran ya fi tasiri shi ne a sama, wajen raba wanda ya san huɗu da wanda ya san biyar, kuma a nan ne malami ya fi bukatar rabawar idan ana neman wanda zai zo na ɗaya. Haka nan ribar tana raguwa da kowane ƙari. Amsa ɗaya ta ƙari tana mayar da tabbas ya zama rabi, ta biyu ta mayar da shi ɗaya cikin uku, ta uku ɗaya cikin huɗu. Daga nan abin da ake samu kaɗan ne, alhali wahalar karatun ɗalibi tana ƙaruwa. Ƙari biyu ko uku sun wadatar a ajin firamare da ƙaramar sakandare.

Zaɓen amsoshin ɓad da sawu

A nan ne ainihin aikin yake, kuma a nan ne mafi yawan tambayoyi ke lalacewa. Malamin da ya ji an ce a ƙara amsoshi, sai ya ƙara Legas da Fatakwal a ƙarƙashin Jajimaji da Kanamma, bai gyara komai ba. Babu yaron da zai ɗauka Legas hedikwatar wata ƙaramar hukuma ce a Yobe. Ido zai tsallake su tun kallon farko, jerin bakwai ya koma biyar kamar yadda yake da. Amsar ɓad da sawu tana aiki ne kawai idan wanda bai yi karatu ba zai iya ɗaukarta da gaske, wanda ya yi karatu kuwa ya ƙi ta da hujja.

Don haka ya kamata ƙarin ya fito daga dangin amsoshin gaskiya. Bayamari gari ne sananne a cikin ƙaramar hukumar Bursari, amma ba shi ne hedikwata ba. Yaron da ya san Bayamari a Bursari take, bai kuma riƙe darasinsa ba, zai iya ba ta wannan matsayi. Gogaram tsohuwar fadar masarautar Bade ce kafin a koma Gashuwa, kuma a yau tana cikin ƙaramar hukumar Jakusko. Wanda ya ji sunanta a labarin masarauta zai iya jingina ta da Bade. Ga yadda tambayar za ta kasance da waɗannan biyun:

Umarni: A hagu akwai ƙananan hukumomi biyar na Jihar Yobe. A dama akwai garuruwa bakwai. Rubuta harafin garin da yake hedikwatar kowace ƙaramar hukuma a kan layin da ke gabanta. Kowane gari sau ɗaya za a yi amfani da shi, kuma akwai waɗanda ba za a yi amfani da su ba.

1. Bade ____
2. Bursari ____
3. Fune ____
4. Karasuwa ____
5. Yunusari ____

A. Bayamari
B. Damagum
C. Dapchi
D. Gashuwa
E. Gogaram
F. Jajimaji
G. Kanamma

Amsoshin su ne D, C, B, F da G. An jera garuruwan bisa tsarin haruffa ne da gangan, domin kada matsayin amsa a jeri ya ba da wata alama, kuma domin ido ya same ta da sauri. Nguru ba ta shiga jerin hagu ba saboda sunan ƙaramar hukumar da na hedikwatarta ɗaya ne. Haka Machina, Yusufari da Jakusko. Duk layin da sunansa ke ɗauke da amsarsa ba ya gwada komai, kuma yana rage wa sauran layukan amsa ɗaya a banza.

Wannan tsari ya fi na farko nesa ba kusa ba, amma malami mai lura zai ga bai kai ƙarshe ba. Amsoshin ɓad da sawun guda biyu suna gogayya ne a layin Bade da na Bursari, waɗanda su ne mafi sauƙi ga yaron Gashuwa. Shi ya san Gogaram, ya san Bayamari, ya kuma san babu ɗayansu da ke Fune ko Yunusari. Yana zubar da su, sai ya koma inda yake tun farko, tsakanin Damagum da Kanamma. Ga yaron Nguru, wanda waɗannan garuruwa suka ɗan yi masa nisa, tarkon zai fi kamawa. Ke nan tambaya guda tana iya zama bakwai a wani gari, ta zama biyar a wani.

Maganin shi ne malami ya tambayi kansa wane layi ne ɗalibansa za su bari zuwa ƙarshe, ya tabbata akwai amsar ƙari da za ta tsaya musu a wannan layin. A makarantar Gashuwa, cire Gogaram a sa Babbangida, hedikwatar Tarmuwa, ko Buni Yadi, hedikwatar Gujba, ya fi amfani. Dukansu hedikwatoci ne na gaske, sunayensu na cikin darasin da aka koyar, kuma yaron da bai tantance su ba zai iya ba Fune ko Yunusari. Haɗa iri biyun, ɗaya na kusa da gida, ɗaya daga nesa, ya fi kowane ɗayansu shi kaɗai.

Akwai kuma haɗarin da ke zuwa tare da ƙarin amsoshi. Gwargwadon kusancin amsar ɓad da sawu da gaskiya, gwargwadon yiwuwar ta zama gaskiya ita ma. Da umarnin ya ce kawai a haɗa kowace ƙaramar hukuma da garinta, to Bayamari da Dapchi duk daidai ne ga Bursari, kuma ɗalibin da aka hana maki yana da hujjar ƙorafi. Kalmar hedikwata ce ke riƙe da tambayar gaba ɗaya. Shi ya sa umarni yake bukatar ya faɗi abubuwa uku ba tare da ɓoye-ɓoye ba: a kan wane tushe ake haɗawa, sau nawa za a iya amfani da amsa guda, da kuma cewa wasu amsoshin za su rage. Wasu malamai kan ɓoye na ukun da zaton wayo ne. Ba shi da amfani, domin yaro ɗan firamare da ya ga amsa biyu sun rage zai zaci ya yi kuskure, ya koma yana goge abin da ya rubuta daidai.

Inda harshe ke tona asiri

Tambayar da aka rubuta da Hausa tana da wata ƙofar da amsa ke zurarewa ta cikinta, wato jinsin kalma. A ɗauki darasin sassan jiki. A dama an jera fata, hanji, hanta, huhu, ƙoda, ƙwaƙwalwa da zuciya, bakwai cif. A hagu malami ya rubuta cewa shi ne ke shigar da iska mai amfani cikin jini. Kalmar shi kaɗai ta kori biyar daga cikin bakwai, domin fata, hanta, ƙoda, ƙwaƙwalwa da zuciya duk mata ne a nahawu. Saura hanji da huhu. Yaro ba ya bukatar ilimin kimiyya kafin ya yi wannan tankaɗe, kunnensa na Hausa ya ishe shi, kuma hakan na faruwa ko da Hausar ba ita ce harshensa na gida ba, kamar yadda yake ga yara da yawa daga gidajen Badawa, Mangawa da Fulani a wannan yanki.

Gyaran mai sauƙi ne. A cire wakilin suna, a rubuta aikin tsurarsa: musayar iska tsakanin numfashi da jini, tura jini zuwa sassan jiki, tace jini a samar da fitsari. Haka za a kula da jam'i da tilo, da kuma ƙarshen kalma irin na -n da -r. A lura da misali na uku. Da an rubuta fitar da ƙazanta daga jiki, da fata da hanji da ƙoda duk sun shigo, tambaya ta zama gardama.

Dangin wannan matsala shi ne cakuɗa abubuwan da ba iri ɗaya ba. Malamin da ya jera shekara ɗaya, sunan kogi ɗaya, sunan sarki ɗaya da sunan gari huɗu a dama, yana ganin ya ba da amsoshi bakwai. A haƙiƙa layin da ya tambayi shekarar ƙirƙiro jihar amsa ɗaya tak gare shi, haka layin da ya tambayi kogin da ya ratsa Gashuwa. Adadin da ya kamata a ƙirga shi ne yawan amsoshin da za su iya shiga kowane layi ba tare da sun zama abin dariya ba. Idan darasin bai da abubuwa biyar masu kama da juna, to bai dace da tambayar haɗawa ba, gara a koma ga tambayar zaɓi irin ta jarrabawar WAEC, NECO da JAMB, ko a ce wa ɗalibi ya cike gurbi.

Hanya ta biyu: amsoshi kaɗan, a maimaita su

Ba dole ne jerin dama ya fi tsawo ba. Ana iya juya abin, a yawaita layukan hagu, a taƙaita amsoshi, a ce kowace amsa za a iya amfani da ita sau ɗaya, ko fiye, ko a ƙi amfani da ita sam. Wannan hanya ta fi ta farko ƙarfi wajen toshe dabarar zubar da abin da aka yi amfani da shi, domin babu amsar da ke fita daga fage. Damar dacewa a layin ƙarshe daidai take da ta layin farko.

Misali, a ba da garuruwa biyar, Damaturu, Gaidam, Gashuwa, Nguru da Potiskum, a tambayi a wane gari ake samun kowanne daga cikin abubuwa bakwai: ƙarshen layin dogon da ya taso daga Kano, fadar Mai Bade, fadar Sarkin Fika, Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman, Jami'ar Jihar Yobe, asibitin tarayya da ake kira FMC, da jami'ar tarayya da aka kafa a 2013. Layin dogo da asibitin a Nguru suke. Fadar Mai Bade, kwalejin da jami'ar tarayya a Gashuwa. Jami'ar jiha a Damaturu, fadar Sarkin Fika kuma a Potiskum. Gaidam ba ta samu ko ɗaya ba. Da za a sa garin Fika a cikin amsoshin, da ya zama tarko mai kyau, domin suna zai ja wanda bai sani ba.

Ita ma wannan hanya da nata rami. A misalin nan Gashuwa ta fito sau uku, don haka yaron da ya rubuta Gashuwa daga sama har ƙasa zai kwashi uku bisa bakwai bai yi tunani ba, kuma yara sukan gane wannan dabara da wuri. Idan aka cire jami'ar tarayya aka sa Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta fasaha, wadda ke Potiskum, babu garin da zai wuce biyu. Sai dai kada a raba su daidai wa daida har ɗalibi ya gane kowane gari biyu yake da su, domin ƙirga zai sake zame masa jagora.

Makarantun likitanci sun ɗauki wannan tunani sun faɗaɗa shi. A 1993 Susan Case da David Swanson, na hukumar shirya jarrabawar likitoci ta Amurka, sun wallafa bayani a kan wani salo da ake jera sunayen cututtuka ko magunguna masu yawa, sannan a kawo gajerun labaran marasa lafiya, ɗalibi ya zaɓi wanda ya dace da kowanne. Da yake amsoshin sun fi tambayoyin yawa ƙwarai, kuma ana iya maimaita su, canke ba ya kai mutum ko'ina. Salon ya nuna cewa tambayar haɗawa tana iya wuce gwada hadda idan abin da ke hagu yanayi ne da ake bukatar a fahimta kafin a ba shi suna.

A kan allo, a takarda, da bayan an duba

A makarantun da ake rubuta jarrabawa a kan allo, ya kamata jerin biyu su kasance gefe da gefe, ɗalibi yana ganinsu da kallo ɗaya. Idan an buga a takarda, kada rabin amsoshin ya tsallaka shafi na gaba, domin amsoshin da suka ɓuya a bayan takarda kamar babu su ne. Dogayen jimloli su zauna a hagu, gajerun kalmomi a dama, tun da jerin dama ne ɗalibi zai yi ta maimaita karantawa. A sa lambobi a hagu, haruffa a dama, a ce a rubuta harafi. Jan layi daga wannan gefe zuwa wancan yana da kyau ga 'yan aji ɗaya da biyu, amma a jeri mai tsawo layukan kan sarƙe har malami ya kasa gane inda kowanne ya dosa, kuma ɗalibi mai wayo yakan tsayar da layinsa tsakanin amsa biyu. Kowane layi maki ɗaya ne, ba a hana ɗalibi makin huɗun da ya ci saboda ya kuskure ɗaya.

Manyan makarantun da ke jarrabawa ta kwamfuta suna da hanyar yin haka. A manhajar Moodle, malami na iya ƙara amsar ɓad da sawu a tambayar haɗawa ta hanyar rubuta amsa ya bar gurbin tambayarta fanko, sai ta bayyana a cikin zaɓin da ɗalibi ke gani ba tare da tana da abokin haɗi ba.

Bayan an gama duba takardu ne ake sanin ko tarkon ya kama. Malami zai jera takardun bisa jimillar maki, ya ware na sama da na ƙasa. An saba ɗaukar kashi 27 cikin ɗari daga kowane ɓangare, bisa shawarar Truman Kelley ta 1939, wanda a ajin mutum 60 ya kama takardu 16 a sama, 16 a ƙasa. Sai ya ƙirga abin da kowane rukuni ya zaɓa a kowane layi. A ɗauka a layin Bursari 14 daga na sama sun zaɓi Dapchi, a na ƙasa kuwa shida ne suka zaɓe ta, bakwai suka tafi Bayamari. Wannan layi lafiyayye ne, kuma Bayamari ta yi aikinta. Idan kuwa aka duba duk layuka biyar ba a ga wanda ya taɓa Gogaram ba, to matacciyar amsa ce a wannan ajin, sai a sauya ta a zango mai zuwa. Idan aka ga akasin haka, wato ɗaliban da suka fi ƙoƙari ne ke tururuwa zuwa amsar ɓad da sawu, to abin da za a fara bincika shi ne umarnin da takardar amsoshin malamin kansa, sannan bayanan da aka ba ɗalibai a aji, domin a ɗayan ukun nan akan samu inda aka kauce.

Kafin ranar jarrabawa ma akwai gwaji mai arha. A miƙa tambayar ga malamin wani darasi da bai san batun ba, misali malamin lissafi da aka turo daga wata jiha, a ce ya amsa ya kuma faɗi yadda ya kai ga kowace amsa. Duk layin da ya ci ta hanyar jinsin kalma, ko kamannin suna, ko don ita ce amsar da ta rage, a sake rubuta shi kafin ya hau allo.